Yadda ake dasa kuba a cikin ƙyauren katako ba tare da an ɓata shi ba

A yawancin gidajenmu ƙofar waje ta ƙarfe ce, kuma mai walda ne ke haɗa mata kubarta tun a wurin aikinsa. Amma ɗakunan ciki, da ofisoshi, da ɗakunan kwana na sababbin gine-gine, ƙyaurensu na katako ne. A nan ne ake sa irin kubar nan da ake binne akwatinta a cikin kaurin katakon, ba a ganin komai a waje sai hannuwa biyu da bakin makulli. Aikin yakan ɗauki kafinta awa ɗaya zuwa biyu, sai dai aiki ne da ba ya karɓar gyara: katakon da aka sassaƙe ba ya komawa. Shi ya sa yawancin kubar da ke cijewa, ko hannun da ke langaɓewa bayan wata biyu, ba laifin kubar ba ne. Laifin yana wurin awo da wurin ramin da aka haƙa mata. Ko mutum zai yi aikin da hannunsa, ko zai tsaya a kan kafinta, ga abin da ya kamata ya sani.

Abin da ke cikin kwalin

Babban ɓangaren shi ne akwatin kuba, wani faffaɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin littafi. A gefensa ɗaya akwai dogon ƙarfe siriri, shi ne fuskar kuba, wanda ake gani a gefen ƙyaure bayan an gama aiki. Ta wannan fuskar abubuwa biyu ke fitowa. Na sama shi ne harshe, mai gangare a gefe guda, wanda ke shiga da kansa in an tura ƙofa, hannu kuma ke janye shi. Na ƙasa shi ne sakata, wadda ba ta motsi sai da makulli.

A jikin akwatin akwai huji biyu. Na sama mai kusurwa huɗu ne, nan sandar ƙarfe ke ratsawa ta haɗa hannun ciki da na waje. Kafintoci na kiran sandar nan “kare”, daga Faransanci. Hujin ƙasa kuwa na silinda ne, wato tagullar da makulli ke shiga cikinta. Abu na ƙarshe shi ne farantin da ake kafawa a jikin kadar ɗin ƙofa, inda harshe da sakata ke shiga. Mu kira shi gidan sakata.

Awo uku da ake dubawa tun a shago

Kasuwanninmu na karɓar kaya daga ko'ina: wasu an ƙera su bisa awon Faransa, wasu sun shigo ta Najeriya da awon Ingila, wasu kuma bisa awon Italiya ko Jamus. A ido duk kamarsu ɗaya, amma ba sa shiga juna. Wanda ya sayi akwatin kuba a wannan shago, ya sayi hannuwa a wancan, sau da yawa sai a gida yake gane bai dace ba.

Awo na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar hujin sanda da tsakiyar hujin silinda. A kubar Faransa milimita 70 ne. A ta Italiya yawanci 85 ne, a ta Jamus ta ɗakunan ciki 72, a tsohuwar kubar Ingila mai dogon makulli kuwa 57. Farantin hannu ma yana da hujinsa biyu da tazara iri ɗaya, don haka dole su yi daidai. Bambancin 70 da 72 kamar ba komai ba ne, amma milimita biyun nan sun isa su sa silinda ta riƙa gogar faranti, makulli ya yi nauyi.

Awo na biyu shi ne kaurin sandar. Kubar Faransa na amfani da sanda mai milimita 7, saura da yawa kuwa 8. Sanda mai 8 ba ta shiga hujin 7. Mai 7 tana shiga hujin 8, kuma nan ne tarkon yake: ranar farko tana aiki, amma tana da wasa a ciki, sai ta yi ta cin bakin hujin har hannu ya sunkuya ya daina komawa daidai.

Awo na uku shi ne nisan da ke tsakanin fuskar kuba da tsakiyar hujin sanda. Wanda aka fi samu a awon Faransa milimita 50 ne, akwai kuma mai 40. Shi ke nuna inda hannu zai zauna daga bakin ƙyaure, da zurfin ramin da za a haƙa. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kayan a kan teburin mai shago kafin a biya: a zura sanda, a zura silinda, a ɗora farantin hannu, a murɗa a gani.

Shin ƙyauren zai iya ɗauka?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ƙyauren ɗakin kwana ne na jan katako, kaurinsa milimita 40, kuma katakon tsaye na gefen da kuba za ta shiga faɗinsa santimita 11 ne. Kubar da aka sayo ta awon Faransa ce: tsawon akwatinta santimita 15, zurfinsa ya kusa santimita 8, kaurinsa milimita 14.

In aka haƙa rami mai faɗin milimita 16 a tsakiyar kaurin 40, za a bar milimita 12 na katako a kowane gefe. Waɗannan bangaye biyu su ne ke riƙe da kubar in an banki ƙofa, su ne kuma wis ɗin hannu ke kamawa. Shi ya sa ƙyauren da kaurinsa bai kai milimita 35 ba bai dace da irin wannan kuba ba. Gara a sa masa wadda ake ɗorawa a bayan ƙyaure. Ta wajen zurfi kuma, rami mai santimita 8 a katako mai faɗin 11 zai bar santimita 3 a baya, kuma ya wadatar. Da faɗin katakon 9 ne, sai a nemi kuba mai 40, wadda akwatinta bai kai wannan zurfi ba.

Akwai wurin da ba a haƙa ramin kuba: daidai inda katakon da ke gilmawa a tsakiyar ƙyaure ya shiga cikin na tsaye. A nan haɗin yake, kuma duk wanda ya haƙa a wurin ya yanke harshen katakon da ke riƙe da su. Ƙofar za ta yi kyau na ɗan lokaci, daga baya ta fara saki tana jan ƙasa. In tsawon da ake so ya faɗa kan haɗin, a ɗaga kubar sama ko a sauke ta kaɗan.

Ƙyauren izofilan kuwa, wanda aka rufe da falanki gaba da baya, cikinsa fanko ne. Mai haɗa shi yakan sa guntun katako cikakke a gefen da kuba za ta zauna. A ƙwanƙwasa da yatsa kafin a fara: inda ƙarar ta daina yin kamar ganga, nan katakon yake, kuma dole akwatin kuba duka ya faɗa cikinsa.

Zane da haƙar ramin

A fara da tabbatar da cewa an riga an rataya ƙyauren, yana buɗewa yana rufewa ba ya gogar ko'ina, da sarari kamar milimita 3 tsakaninsa da kadar. In za a kankare gefensa, yanzu ne lokacin, ba bayan kuba ta shiga ba. Sai a buɗe shi rabi, a cusa guntun itace a ƙarƙashinsa ta ɓangarori biyu don kada ya motsa.

A auna santimita 105 daga daɓe, wanda shi ne tsawon hannu da aka saba da shi, a ja layi da fensir ya zagaya fuska biyu da gefen ƙyauren. A jingina akwatin kuba a jikin ƙyauren yadda tsakiyar hujin sanda zai hau kan layin, a sa alama a samansa da ƙasansa, a mayar da alamun biyu zuwa gefen ƙyaure. Tsakanin alamun nan sai a ja layi a tsaye, daidai tsakiyar kauri, wato milimita 20 daga kowace fuska. A auna daga ɓangarori biyu, kada a dogara da ido. A hagu da damar layin a ja wasu biyu, kowanne milimita 8 daga tsakiya. Wannan shi ne bakin ramin.

Ba a fara ramin da cizal. Ana fara shi da injin huda katako da meshi mai milimita 16. A liƙa salatif a jikin meshin daidai santimita 8 da ɗan ƙari, don a san inda za a tsaya. Sai a jera huji a kan layin tsakiya, ɗaya na taɓa ɗaya, daga alamar sama zuwa ta ƙasa. A misalinmu kamar huji goma ne.

Duk wahalar aikin tana cikin riƙon injin. In ya karkata kaɗan a baki, a can zurfin santimita 8 karkatar ta zama babba, har meshi ya iya ɓullowa ta fuskar ƙyaure. Dabara ita ce a matse wani miƙaƙƙen katako a jikin fuskar ƙyauren ya zarce bakinsa, a riƙa daidaita meshin da shi. In akwai mutum na biyu, ya tsaya a gefe yana duba ko injin ya sunkuya sama ko ƙasa. In katakon mai saurin tsagewa ne, a matse guntaye biyu a fuskokin ƙyauren, su tallafi bangayen yayin da ake aiki.

Bayan huji sai cizal mai kaifi, wanda wasu kafintocinmu ke kira sizo. Aikinsa cire ƙusoshin katakon da suka rage tsakanin huji da huji. A juya shafaffen bayansa wajen bangon ramin, a riƙa ferewa kaɗan-kaɗan, kuma kada a yi banƙara da shi a jikin bangon, domin milimita 12 ba su jure wannan. A share garin katako, a gwada akwatin. Ya kamata ya shiga da turin hannu kawai. Kubar da aka buga da guduma ta shiga, ƙarfenta ya matsu, abin da ke ciki ba zai yi motsi yadda ya kamata ba. Kafin gwajin, yana da kyau a sa silinda a fito da sakata, sannan a zare silindar. Sakatar ce za a kama a jawo akwatin waje.

In akwatin ya shige har fuskarsa ta kwanta a gefen ƙyaure, a zagaye fuskar da bakin wuƙa mai kaifi, ba da fensir ba, don wuƙa na yanke zaren katako ta hana shi ɓalgacewa. A fitar da kubar, a sassaƙe cikin zanen daidai kaurin fuskar, kamar milimita 3, har ta zauna daf da katako. In ta yi tudu za ta gogi kadar, in ta nutse da yawa harshe ba zai kama sosai ba.

Hujin hannu da na silinda

Yanzu a koma fuskar ƙyauren. A kan layin santimita 105, a auna milimita 50 daga baki: nan ne tsakiyar hujin sanda. Daga nan a sauka milimita 70 kai tsaye, wato a tsawon santimita 98 daga daɓe: nan ne tsakiyar kan silinda. A yi wannan awon a fuskoki biyu dabam-dabam.

Abu biyu ake kiyayewa. Na farko, akwatin kuba ya kasance a waje lokacin huda, don garin katako da bakin meshi duk suna ɓata shi. Na biyu, a huda daga kowace fuska zuwa cikin ramin, kada a ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a tafiya ɗaya, don meshi na fasa katako a inda ya ɓullo. Meshin nan mai 16 ya isa hujin sanda, domin sandar na buƙatar sararin juyawa. Silinda kuwa siffarta kamar bakin makulli ce: kai zagayayye mai milimita 17, da jiki siriri da ke sauka ƙasa, tsawonta duka 33. Don haka a yi huji mai 18 a sama, da ƙarami mai 12 a ƙarƙashinsa, a haɗe su da cizal. Kada a wuce abin da farantin hannu zai rufe.

Kafin a mayar da kubar a duba harshe. Gangarensa ya fuskanci wajen da ƙofa ke tafiya in ana rufe ta, don shi ne zai fara haɗuwa da kadar ya lotsa ciki. In ya juya baya, yawancin kubar yanzu ana iya juya harshensu: a wasu ana kwance wis ɗaya a jikin akwati, a wasu ana jawo harshen waje ko a tura shi ciki a murɗa shi.

Haɗa kayan

A mayar da akwatin, a yi wa wis biyu na fuskar kuba ƙaramin huji kafin a ɗaure su, musamman a jan katako mai tauri. Ba a buga wis da guduma kamar ƙusa. Wanda aka buga ba ya kamawa, kuma shi ne ke fara saki. A zura silinda da makulli a cikinta, a ɗan juya makullin har haƙorin tsakiya ya ɓuya, sannan a ɗaure ta da dogon wis ɗin da ke shiga ta fuskar kuba.

Tsawon silinda ma awo ne. Daga tsakiyar ƙyaurenmu zuwa fuskarsa milimita 20 ne, a ƙara kaurin farantin hannu kamar 8 zuwa 10, ya kama kusan 30. Ke nan silinda mai 30 da 30 ce ta dace. Wadda ta fito waje fiye da milimita 3 ta ba ɓarawo wurin kamawa da filaya ya karya ta, don a tsakiya take da rauni, inda wis ya ratsa.

Sai sanda da hannuwa. In sandar ta yi tsawo har faranti ba ya kwantawa, a rage ta da zarton ƙarfe, amma a bar mata abin da zai shiga kowane hannu kamar santimita biyu. A ɗora faranti, a bar shi ya sami mazauninsa a kan sanda da silinda, a tabbata yana tsaye, sannan a ɗaure. Hannuwan da ke da dogayen wis masu ratsa ƙyaure su haɗe faranti biyu sun fi ƙarko, domin ba su dogara da siririn bangon katako ba. Kawunansu su kasance ta cikin ɗaki. A gwada komai ƙofa na buɗe: a danna hannu a sake shi ya koma da kansa, makulli ya juya ba tare da ƙarfi ba.

Gidan sakata, da damana da hunturu

A shafa alli ko jan baki a kan sakata, a rufe ƙofa, a murɗa makulli har sakata ta dungure kadar. Alamar da ta bari ita ce inda za a haƙa. Haka za a yi wa harshe. Ramin sakata ya fi fitowarta zurfi. A kubar da makullinta ke juyawa sau biyu fitowar takan kai kamar santimita biyu. In ramin bai kai ba, makulli zai yi juyi ɗaya ya tsaya, mai gida ya ɗauka ya kulle, alhali rabin sakata ce a ciki. Farantin ma a nutsar da shi daf da katakon kadar.

A nan sai a tuna da yanayinmu. Katako na shan laima ya kumbura da damana, ya bushe ya tsuke da hunturu da bazara, kuma wanda aka sa bai gama bushewa ba ya fi motsi. Ƙyaure kuma yakan ɗan sauka da nauyinsa. Saboda haka a zaunar da farantin yadda sakata za ta sami sarari na milimita biyu ko uku, musamman ta ƙasanta. Gidan da aka yi cif-cif a watan Janairu yakan ƙi karɓar sakata a watan Agusta.

Yadda ake gane inda matsala take

Gwaji ɗaya ya isa ya raba laifi: a buɗe ƙofa a murɗa makulli. In yana juyawa lafiya a buɗe amma yana cijewa a rufe, kubar lafiya take, gidan sakata ne bai daidaita ba. A sake shafa alli a ga gefen da ke goga, a rage shi da magagari. Amma a fara duba wis ɗin maratayin sama, don in sun saki, ƙyauren ne ya sauka, kuma ɗaure su kaɗai na iya warware matsalar.

In makulli na cijewa ko ƙofa a buɗe, laifin yana cikin ƙyauren. A sassauta wis ɗin hannu: in ya saki, faranti ne ke danne silinda ko sanda. In bai saki ba, a fitar da kubar a gwada ta a hannu. In ta yi aiki a waje, ramin ne ya matse ta ko ya karkace. Hannun da ba ya komawa sama shi ma haka ake bin sa: ko sanda na gogar katako, ko an ɗaure faranti a karkace, ko sandar ta yi wa hujinta ƙanƙanta. Ƙofar da ke kaɗawa in iska ta buso kuwa, gidan sakata ne ya yi nisa da inda ƙyaure ke tsayawa.

Game da mai, a riƙa shafa wa harshe da sakata ɗan kaɗan, amma kada a zuba man inji ko man girki a bakin makulli. Da ƙurar da muke da ita, mai da ƙura na haɗuwa su zama laka a cikin silinda. A goga bakin fensir a haƙoran makulli, a zura a zare sau da yawa. Wannan ya isa.

Wanda ya ba kafinta aikin, kafin ya biya ya shafa gefen ƙyaure ya ji ko fuskar kuba ta kwanta daf, ya tura ƙofar a hankali ya ji harshe ya kama ba tare da bugu ba, ya kulle sau biyu daga ciki da daga waje, ya kuma gwada makullan duka, ba guda ɗaya ba.